Daren da Mai Gidan Abinci Ke Zuba wa Ma'aikata Tuwo

A ƙarshen Disamba, wasu masu gidajen abinci kan rufe ƙofa da wuri, su zaunar da ma'aikata a teburan kwastomomi. Sharaɗin farko na wannan walima shi ne kada kuku ya dafa abincin da za a gode masa da shi. Mai wurin da ya san abin da yake yi daga waje yake sayo abincin, ya kuma zuba wa kowa da hannunsa. Sai ciki ya ɗauka sannan ya miƙe ya yi jawabi.

A ɗauki misalin gidan abinci mai ma'aikata 12 a Kano. Bayan bisimilla da salati, hajiyar da ke da wurin za ta fara ne daga bayan kicin, inda kwastoma ba ya leƙawa. Akwai yaron wanke-wanke da ke tsoma hannu cikin ruwan sanyi da asubar hunturu, yana kankare ƙanzon tukunyar tuwo har yatsunsa su tsage. Akwai mai cefane da ke sammakon zuwa kasuwar 'Yankaba don ya samo tumatir da attaruhu kafin rana ta taɓa su. Sai Iya mai tuyar masa, wadda ke gaban tanda tun wasu na barci. Kowa a kira shi da sunan da ake girmama shi da shi, Baba ko Malam, a faɗi takamaiman abin da ya yi. "Na gode muku duka" ba ta shiga zuciyar kowa.

Wahalar da aka sha tare ma a ambace ta. A watan azumi aiki kan koma dare, kuma masu kai abinci sukan sha ruwa a tsaye da dabino ɗaya saboda layin masu buɗa-baki. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin mota ke cinye wani kaso na albashinsu, kuma suna son jin cewa uwar ɗakinsu ta san da haka.

Inda jawabin ke lalacewa shi ne idan ya rikiɗe ya koma faɗa: farantan da aka fasa, naman da ya yi ƙafa, makara. Wannan maganar ofis ce, ba ta gaban jama'a ba. Alamar an kauce hanya a fili take: kawuna a sunkuye, ana latsa waya, "amin" ta yi ƙaranci. Mafi muni shi ne godiya alhali ana bin mai wuri bashin albashi, ko alkawarin ƙarin da bai lissafa ba.

Minti biyar sun isa. A rubuta sunaye a takarda, don wanda aka manta zai kwana da abin a ransa, musamman maigadi. Idan akwai Kiristoci cikin ma'aikata, a ba ɗayansu dama ya yi addu'a. Ambulan ɗin tukuici kuwa a miƙa wa kowa nasa a rufe, ba tare da shelar adadi ba, kuma hajiya ta sallami kowa da kuɗin Keke Napep, tunda dare ya yi.