Daga Google Docs zuwa Word: gyaran bayan saukewa

Idan aka sauke takarda daga Google Docs a matsayin .docx, sunan salon rubutun yana tafiya da ita, amma salon kansa sai in yana kan kwamfutar. Takardar da aka rubuta da Roboto, idan babu shi, Word zai sa wani a madadinsa. Faɗin haruffa ya canza, layuka su zame, shafi ya ƙaru.

Kada ka bi kanun rubutu ɗaya bayan ɗaya, wahalar banza ce. Danna Heading 1 da maɓallin dama, zaɓi Modify, sa Arial, sannan ka shiga Format da Paragraph ka daidaita tazarar Before da After. Duk kanun da ke wannan matakin za su gyaru tare. Ka kuma duba ƙ, ɗ da ɓ kafin ka buga.