Kuɗin jinkiri a takardar neman biya: yadda ake lissafa shi

A ƙasan wasu takardun neman biya da ke yawo tsakanin diloli da 'yan kwangila a Bauchi akwai layi ɗaya da ke cewa wanda ya wuce wa'adi zai biya ƙarin kaso kaza. Layin ba ya da ƙarfi idan mai kaya ya rubuta shi ne bayan an riga an sauke kaya. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Ekwunife da kamfanin Wayne a 1989, mai neman kuɗin ruwa na lokacin da ya gabaci hukunci sai ya nuna yarjejeniya, ko doka, ko sananniyar al'adar kasuwanci. Saboda haka a sa sharaɗin tun wajen ƙulla ciniki, mai saye ya sa hannu. Ko Dokar Sayen Kayan Gwamnatin Tarayya ta 2007, wadda ta ce biyan da ya haura kwana 60 jinkiri ne, ta bar adadin ruwan ga abin da kwangila ta faɗa.

A ɗauka dilan siminti ya ba ɗan kwangila kayan naira 2,400,000, wa'adi 31 ga Maris, ruwan jinkiri kashi 18 cikin 100 a shekara. Ƙa'idar ita ce:

```
ruwa = saura × 0.18 × kwanaki ÷ 365
```

Ɗan kwangila ya kawo naira 900,000 ranar 30 ga Afrilu. Kwana 30 ke nan dukan kuɗin na hannunsa, ruwansu naira 35,507. Daga ranar bashin ya koma 1,500,000, bai cike ba sai 14 ga Yuni, wato kwana 45, ruwansu naira 33,288. Jimla naira 68,795.

A nan ake yawan cutar mai saye, wani lokaci ba da gangan ba. Akawu ya ɗauki 2,400,000 ya lissafa a kan kwana 75 gaba ɗaya, ya sami 88,767, ya ɗora wa mutum kusan naira 20,000 a kan kuɗin da ya riga ya biya. Haka kuma wanda ya fara ƙirga daga ranar rubuta takarda maimakon washegarin cikar wa'adi. Shi kuwa sharaɗin da ya ce "kashi 2" kawai, bai ce a wata ko a shekara ba, rigima ce ake ajiyewa, domin kashi 2 a wata kashi 24 ne a shekara.

Sai dai nan Bauchi ce, jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a 2001, kuma da yawa daga 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal ba za su taɓa wannan ƙari ba, don riba ce. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna bin wata hanya: ana iya cin tarar mai taurin bashi, amma tarar ba ta shiga ribar banki, sadaka ake yi da ita. Dilan da ya zaɓi haka sai ya rubuta a yarjejeniyar inda tarar za ta tafi.