Hattara Masu Ƙaramar Sana'a: Ribar Da Kike Ƙirgawa Da Dare Wataƙila Jarinki Ne

Ke mai awara, ke mai ƙosai, kai mai shayi, kai mai tireda, ku tsaya ku saurara. Yaushe rabonku da ku zauna ku yi wa sana'arku lissafi na gaskiya? Ba ƙirga kuɗin da ke cikin gwangwani nake nufi ba. Wannan kowa yana yi. Ina nufin ku san abin da kuka kashe, har leda da ruwa, kafin ku ce kun ci riba. Da yawa daga cikinku uwar kuɗi kuke ci, kuna kiranta riba. Kowace rana kuka ƙara ba ku duba ba, jarin yana ƙara zagwanyewa.

Ku ji abin da ya faru da wata budurwa mai soya awara a wata unguwa cikin Kano.

Akuyarta ta sayar naira 70,000 ta kama sana'a. Ta sayi kasko, murhu, matsami da kayan suyar ranar farko, suka ci 20,000. Sauran 50,000 ta ɗaure a ƙasan akwati, ta ce na ko-ta-kwana ne.

Kullum da safe takan fita da naira 6,500. Kwano biyu na waken suya 5,000, markaɗe 600, albasa da attaruhu da gishiri da magi 900. Ta tace, ta dafa, ta zuba ruwan tsami, ta ɗaure a buhu ta danne da dutse. Da la'asar ta yanka ta fito bakin titi. Kafin isha'i tire ya ƙare. Ta ƙirga ciniki, 9,000. Ta cire 6,500 na gobe, saura 2,500. Riba ke nan a ganinta. Dubu ɗaya ta zuba adashi, 500 ta miƙa wa innarta na cefane, dubu ɗaya ta yi katin waya da sabulu da man shafawa. Unguwa kowa na cewa yarinyar nan tana da hannun ciniki.

Da wata ya cika ta je shago karɓar galan ɗin man gyaɗa. Mai shago ya buɗe littafinsa ya ce, "'Yata, yau kam sai kin rage na baya. Dubu goma sha shida ake binki." Ta ce bari ta ɗauko. Ta dawo gida, ta buɗe akwati, ta kwance ƙullin. Babu komai a ciki. Ta kama ƙaninta da faɗa, yaro yana rantsuwa yana kuka.

Goggonta, wadda ta daɗe tana sayar da abinci, ta ce ta saki yaron. Ta ce, "Zo nan. Man da kike suya da shi, kyauta ake ba ki?"

"A'a Goggo, ai shi sati-sati nake saye."

"To da kuɗin wa?"

Ta yi shiru. A daren nan ta yagi takarda daga littafin makarantar ƙanin nata, ta fara rubutawa.

Galan ɗin mai 12,000 ne, kwana shida yake yi mata. Ashe kullum tana ƙona man 2,000. Buhun gawayi 7,000, kwana goma, wato 700 a rana. Mai ruwa yana sauke mata jarka uku, 300. Leda da tsinke, 200. Ta haɗa, 3,200. Wannan kuɗin bai taɓa shiga lissafinta na dare ba, saboda ba da safe take biyansa ba. In mai ya ƙare, ta laluba akwati. In gawayi ya ƙare, ta jira kwasar adashi. In duka babu, ta ce a rubuta.

Ta ɗora 3,200 a kan 6,500. Abin da take kashewa kullum 9,700 ne. Abin da ke shigowa 9,000. Ta sake haɗawa, ko ta yi kuskure. Babu kuskure. Faɗuwar naira 700 take yi kowace rana, tana murna. Bayan faɗuwar kuma tana zarar 2,500 tana rabawa da sunan riba.

Nan ta ga inda akuyarta ta tafi. A kwana 30, mai da gawayi da ruwa da leda sun ci 96,000. Adashin da ta kwasa sau uku, 30,000, can ya koma. Kuɗin akwati, 50,000, can ya koma. Ragowar 16,000 shi ne bashin mai shago. Ba wanda ya sace mata ko sisi.

Yanzu ke da kike karanta wannan, tambayi kanki. Man da kike suya da shi, daga wane kuɗi kike sayensa? Gas ɗinki fa? Kai mai shayi, sukarin da ka sayo buhu guda, ka san na nawa kake zubawa a rana? Duk abin da ake saye jumla a yi kwanaki ana amfani da shi, a nan asara take ɓuya. Ki duba kwana nawa yake yi miki. Ki raba kuɗinsa da adadin kwanakin. Abin da ya fito, ki ware shi kullum kafin ki taɓa ko naira ɗaya. Ba naki ba ne, na galan ɗin da za ki saya ne.

Budurwar nan ba ta tsaya nan ba. Washegari ta ƙirga awarar tun kafin ta shiga mai. Guda 220 ta yanka, kowace naira 50. Da duka za ta sayar, 11,000 za ta samu. To ina 2,000 take shiga? Ta sa ido ranar nan. Guda 15 sun tafi a gyara, wanda ya sayi na 500 a ƙara masa ɗaya, wanda ya yi magiya a ƙara masa biyu. Guda 10 ƙanne da ƙawaye sun ɗanɗana. Guda 10 samarin majalisa sun karɓa a kan za su kawo gobe. Biyar sun farfashe a kasko. Guda 40 ke nan da aka soya da manta da gawayinta, ba su dawo da komai ba.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne da ta raba 9,700 gida 220. Kowace awara guda tana tsaya mata a kusan naira 44. Ribar da ke kanta naira 6 ce kacal. Kun ji? Naira 6. Duk gyara ɗaya da ta jefa a leda ya cinye ribar guda bakwai da ta sayar. Bashin 500 da bai dawo ba kuwa ya kwashe fiye da sulusin ribar yini guda.

Ban ce kada a yi alheri ba. Ciyar da ƙani lada ne, gyara kuma yana riƙe mai saye. Amma ki san nawa kike bayarwa, ki kuma san daga ina yake fita. Kyautar da ake yi da jari, ƙarshenta mai kyautar ce za ta koma roƙo.

Akwai wani haɗarin kuma, shi ne tashin farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na markaɗe da na kayan abinci suka yi sama. A 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, ta abinci kuwa ta kai wajen kashi 40. Kin san abin da wannan yake nufi a tirenki? Wake ya tashi a Dawanau, mai ya tashi a Singa, ke kuma kina nan kina sayar da awara a tsohon farashi da tsohon yanka, don kada a ce kin cika tsada. Kada ki auna ribarki da farashin da kika sayo jiya. Ki auna ta da farashin da za ki sayo gobe. In cinikin yau ba zai iya dawo miki da kaya daidai na yau ba, kin faɗi, ko da gwangwaninki cike yake.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Da kwano biyu kike jiƙawa, yanzu kin koma ɗaya da rabi? Da galan kike saye, yanzu kin koma kwalba-kwalba? Sunanki ya shiga littafin mai shago, kuma shafin sai tsawo yake ƙarawa? Duk kwasar adashi ba ta kwana a hannunki, sai ta tafi biyan kayan da aka riga aka soya? Kin fara sayar da atamfa ko ɗan kunne don "ƙara jari", alhali tire bai ƙara girma ba? In ɗaya daga cikin waɗannan ya same ki, to abin ya riga ya fara. Kada ki ce sammu ne. Kada ki ce baki ne ko hassadar maƙwabta, ki kwashi ɗan abin da ya rage ki kai wa mai magani. Ki fara da takarda da biro.

Ita dai ta gyara. Ta rage kaurin yanka kaɗan, kwano biyu ya koma ba ta guda 240. Ta daina ba da bashi, samari biyu suka yi fushi suka koma wani tiren. Gyara sai ga wanda ya sayi na dubu. Na gida ta ware musu guda biyar da saninta. Yanzu takan sayar da wajen 230, ciniki 11,500. In ta cire 9,700, saura 1,800. Wannan ita ce ribarta ta gaskiya, kuma ba ta kai 2,500 ɗin da take yi wa murna a da ba. Ta sami gwangwani biyu, ɗaya na jari ɗaya nata, ba ta haɗa su. Ta dakatar da adashi har sai ta biya mai shago. Akuyar dai har yanzu ba ta mayar ba. Ku lura kuma, a cikin 1,800 ɗin nan ba a cire ladan tashin asuba da hayaƙin da take sha ba.

Wata za ta yi irin wannan lissafin ta ga ko ta rage yanka, ko ta hana bashi, ba zai fita ba. In haka ne, a dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A sauke kasko tun da sauran jari a hannu, a nemi inda kaya suka fi sauƙi, ko a sauya sana'a. Wadda ta tsaya da 30,000 tana iya sake farawa. Wadda ta jira sai da mai shago ya rufe littafi, da me za ta fara?

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku kafin ku karɓi kuɗin cefane daga hannunsu. Magidanta, ku zauna da matanku masu sana'a a cikin gida ku taya su haɗa lissafi, ba don ku karɓe ba. Wadda ba ta iya rubutu ba, ta kira ɗan makaranta ya rubuta mata, ko ta ware kuɗin mai da na gawayi a ƙulli daban-daban.

Kada ki ce sai bayan salla. Kada ki ce sai kasuwa ta gyaru. Yau da dare, kafin ki miƙa wa kowa ko naira ɗaya daga cinikin yau, ki rubuta kuɗin mai, na wuta, na ruwa, na leda, na mota da bashin da kika bayar. Gobe kuma ki ƙirga kayanki kafin ki fita da su.