Doguwar Naƙuda da Daren Farko na Ɗalibar Ungozoma

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da aka fi yi wa ɗakunan haihuwa na asibitocinmu akwai cewa an bar mace ta kwana tana naƙuda "ba a yi mata komai ba", kuma abin da masu faɗin haka suke nufi da komai shi ne ruwan naƙuda, wato sinadarin oksitosin da ake sawa a cikin ƙarin ruwa domin ya tsananta murɗawar mahaifa. A idon 'yan rakiya da yawa, ungozomar da ta rataya wannan ruwa ita ce mai tausayi, wadda kuwa ta duba mai naƙuda ta ce a ƙara jira, ko dai ba ta san aiki ba ko kuwa tana jiran a ba ta na goro. Wannan fahimta ba a waje kaɗai take ba, domin har ɗaliban makarantun ungozoma sukan shiga aikin darensu na farko ɗauke da ita, sun haddace cewa bakin mahaifa dole ya buɗe santimita ɗaya a kowace awa.

Ƙa'idar tana da tarihi. A shekarun 1950 wani likitan mata a Amurka, Emanuel Friedman, ya zana yadda bakin mahaifa yake buɗewa daga farkon naƙuda zuwa ƙarshenta, sannan a 1972 Philpott da Castle, waɗanda suka yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, suka fito da taswirar bin naƙuda da ake ce wa fatogiraf, mai layi biyu: layin gargaɗi, wanda yake tafiya da santimita ɗaya a awa, da layin ɗaukar mataki, wanda yake bayansa da awa huɗu. Manufarsu mai kyau ce, wato a gane matar da ya kamata a tura babban asibiti tun hanya ba ta yi mata nisa ba. Sai dai wani bincike da aka yi a kan mata fiye da dubu biyar a Nijeriya da Yuganda ya nuna cewa mata masu yawa da suka haihu lafiya ba su bi wannan layi ba, musamman kafin bakin mahaifa ya kai santimita biyar. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa naƙuda mai ƙarfi tana farawa ne daga santimita 5, kuma rashin cika santimita ɗaya a awa shi kaɗai bai isa dalilin sa ruwan naƙuda ko yin tiyata ba. A 2020 ta fitar da sabuwar takardar bin naƙuda wadda ta ba kowane mataki wa'adinsa: awa 6 a kan santimita 5, awa 5 a kan 6, awa 3 a kan 7, awa biyu da rabi a kan 8, awa 2 a kan 9.

Yadda wannan yake a aikace ya fi fitowa idan aka bi dare guda daga farkonsa. A ɗauki misalin wata ɗaliba da ta karɓi aiki da ƙarfe tara na dare a ƙarƙashin wata babbar ungozoma, aka danƙa mata wata yarinya mai cikin fari wadda ciwo ya kama tun la'asar, mahaifiyarta na zaune a baranda da kwanon kunu da tsofaffin zannuwa a ƙulle. Da aka duba ta, bakin mahaifa santimita 4 ne, ciwon yana zuwa sau biyu a cikin minti goma, kowanne yana ɗaukar kamar daƙiƙa talatin, zuciyar jariri kuwa tana bugawa sau 140 a minti, abin da yake tsakiyar iyakar da ake so, wato daga 110 zuwa 160. Ɗalibar ta yi lissafinta a zuci, ta yanke cewa zuwa ƙarfe uku aikin ya kusa ƙarewa.

Da ƙarfe ɗaya aka sake dubawa, domin ba a sa hannu a duba bakin mahaifa sai bayan kowace awa huɗu, gudun kada a kai ƙwayoyin cuta ciki, sai aka tarar santimita 5 kacal. Awa huɗu sun haifar da santimita ɗaya, kuma a tsohuwar taswira yarinyar ta riga ta tsallake layin gargaɗi. Ɗalibar ta ce, "Sista, ba ta ci gaba, ko in haɗa ruwan?" Babbar ba ta amsa da e ko a'a ba, sai ta tambaye ta abin da yatsunta suka ji ban da faɗin buɗewar, da kuma yaushe rabon yarinyar da fitsari. Ɗalibar ba ta da amsar ko ɗaya.

Tambayoyin nan biyu su ne jigon aikin. Bakin mahaifa kafin naƙuda abu ne mai kauri da tsawo da tauri, kuma a cikin fari sai ya yi laushi ya gajarce ya zama siriri kafin ya fara buɗewa da sauri, saboda haka sa'o'in farko da ake gani kamar ba a yin komai a cikinsu aikin laushin ake yi. Lamarin ya yi kama da dahuwar ganda, wadda takan daɗe a kan wuta tana nan da taurinta sannan ta sake a ɗan lokaci, wanda kuma ya gaji da jira ya tura itace ba gandar zai dafa ba, gindin tukunyar zai ƙona. Ƙonewar a nan ita ce murɗawar da ta wuce kima: duk lokacin da mahaifa ta murɗa, jinin da yake kai wa jariri iska ta mabiyiya yakan ragu, kuma a hutun da yake tsakanin ciwo da ciwo ne yake farfaɗowa. Idan oksitosin ya sa ciwo ya haura sau biyar a minti goma, hutun ya ƙare, jariri ya galabaita, idan kuwa akwai abin da ya tare hanya, mahaifar kanta tana iya fashewa, musamman ga matar da ta haihu sau da yawa ko wadda aka taɓa yi wa tiyata. Wannan shi ne maganin da ake saye a kemis ana ɗirka wa mata a tsoka a cikin ɗaki, inda ba mai ƙirga ciwo ba mai sauraren zuciya, kuma allurar da ta riga ta shiga tsoka ba ta da makunnin da za a rage ta.

Da ɗalibar ta shafa marar yarinyar sai ta ji mafitsara a cike, abin da yake iya hana kan jariri sauka. Kunyar cikin fari ta hana yarinyar ta ce tana jin fitsari, kamar yadda ta hana ta yin ko nishi mai ƙarfi a gaban mahaifiyarta. Aka raka ta banɗaki, aka ba ta kunun da ake ta hana ta bisa zaton mai naƙuda ba ta cin komai, alhali macen da ba ta da wata matsala an yarda ta ci abu marar nauyi ta sha ruwa, aka kuma ce ta tashi ta riƙa zagaya ɗakin, in ta gaji ta kwanta ta gefen hagu maimakon rigingine.

Daga nan sauran daren ya zama ƙirga. Kowane rabin awa ɗalibar tana kafa ɗan bututun sauraro a cikin yarinyar, ta ƙirga bugun zuciyar jariri na minti ɗaya cur, tana saurare a lokacin ciwo da bayan ya lafa, domin zuciyar da take yin ƙasa bayan ciwo ya wuce ita ce abin tsoro. Sannan ta ɗora tafin hannu a saman cikin na minti goma tana ƙirga murɗawa da agogo, ta duba bugun jinin uwa, a lokacinsa kuma ta auna hawan jini da zafin jiki, ta rubuta kowanne nan take. Wajen ƙarfe uku mahaifiyar ta leƙo ta ce, "'Yar nan, don Allah ku taimaka mata da allurar nan, ko nawa ne za mu biya." Ɗalibar, wadda awa biyu da suka wuce ita ma abin da take so ke nan, ta ce, "Inna, jikanki lafiya lau yake, zo ki sa kunne ki ji," ta miƙa mata bututun. Da ƙarfe huɗu faya ta fashe da kanta, ruwan ya fito garau, ba kore ba kauri, wato jaririn bai yi kashi a ciki ba.

Ƙarfe biyar bakin mahaifa ya kai santimita 7. A tsohuwar taswira wannan ya wuce har layin ɗaukar mataki, wanda yake neman 8 a wannan lokaci, amma duk sauran alamu sun nuna naƙudar tana tafiya: ciwo ya koma sau huɗu a minti goma, kan jariri da ake jin kashi huɗu cikin biyar nasa a saman ƙugu da farkon dare yanzu kashi biyu kawai ake ji, ƙasusuwan kan ba su hau juna ba. Da bakwai da rabi yunƙuri ya zo mata da kansa, aka tarar ta buɗe santimita 10, sauraren zuciya ya koma kowane minti biyar, ba wanda ya hau cikinta ya danna, ta haihu bayan awa ɗaya da 'yan mintoci, a lokacin da masu aikin safe suka riga suka iso. A nan ne aka ɗauko oksitosin ɗin, aka yi wa uwar allurarsa a cinya jim kaɗan da fitowar jaririn, domin mahaifa ta tsuke kada jini ya ɓalle.

Akwai dai irin jiran da yake kisa, kuma ƙasar Hausa ta san shi, domin asibitin Babbar Ruga a Katsina ya daɗe yana karɓar matan da suka kwana biyu ko uku suna naƙuda a gida, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har naman ya mutu, suka tashi da yoyon fitsari. Alamun wannan toshewa a bayyane suke ga mai dubawa: ciwo yana da ƙarfi amma kai ba ya sauka, ƙasusuwan kan sun hau juna ba sa komawa, saman kan ya kumbura, fitsari ya yi ƙaranci ko ya gauraya da jini, jikin uwa ya yi zafi bugun jininta ya yi sauri. Irin wannan mace tiyata take bukata, kuma ruwan naƙuda a wurinta guba ne. Abin da ya raba matar nan da yarinyar daren ɗalibar shi ne abin da aka auna aka rubuta kowane rabin awa, kuma a nan ne ƙorafin jama'a yake da ƙanshin gaskiya, domin a ɗakin da ungozoma ɗaya take kula da mata masu naƙuda da yawa, ba wuta sai fitilar waya, ba za a iya wannan sauraro ba, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a wasu wurare sai bayan an haihu ake zama a cike taswirar. Hukumomin da suke buga sabbin takardu suna shirya taron bita a kansu sun fi kowa sanin cewa kowane layi na takardar yana bukatar mutumin da zai tsaya a bakin gado da agogo, kuma har yanzu ɗaukar waɗannan mutane aiki da biyansu abin da zai hana su barin karkara shi ne ɓangaren da ake ta ɗagawa zuwa kasafin baɗi.