Ranar da Kwamfuta Ta Hana Mai Ita Shiga

Mutum ya kunna laftof ɗinsa kamar kullum, sai ya ga shuɗin allo na BitLocker yana neman mabuɗin ceto mai lambobi 48. Bai canza kalmar sirri ba, ba a sace na'urar ba, faifan ajiyar ma lafiyarsa ƙalau. Masu Linux kuma sukan ga faifan da ya saba buɗe kansa ya tsaya cak yana neman doguwar kalmar sirrin da aka saka tun ranar farko. Da yawa sai su ce faifai ya mutu, ko ƙwayar cuta ta shiga. Galibi ba haka ba ne. Wani abu ne ya canza a hanyar da kwamfutar ke bi wajen tashi, kuma ita kanta ta rubuta abin da ya canza, sai dai ba kowa ya san inda ta ajiye rubutun ba.

A cikin kwamfutocin zamani akwai wani ɗan sashe mai suna TPM. A wasu ƙaramin guntu ne a kan bod, a wasu kuma yana cikin firosesa. Tun da Windows 11 ta fito a 2021 aka wajabta TPM 2.0. Yana da ma'adanai 24 da ake kira PCR, daga 0 zuwa 23. Ba a rubuta musu lamba kai tsaye, kuma waɗanda suka shafi tashin kwamfuta ba a goge su sai an sake kunna ta. Abu ɗaya kawai ake iya yi musu, wato ƙari. Kafin manhajar tushe, wadda aka fi sani da BIOS ko UEFI, ta miƙa ragama ga kowane mataki na gaba, sai ta lissafa tambarinsa, wata lamba mai bayit 32 da hanyar lissafin SHA-256 ke fitarwa, wadda ke sauyawa gaba ɗaya ko da harafi ɗaya aka taɓa. TPM ya haɗa tsohuwar lambar da ke cikin ma'adanin da wannan sabon tambari, ya sake lissafawa, abin da ya fito ya zama sabuwar lamba.

Kowane ma'adani da aikinsa. PCR 0 na manhajar tushe ce kanta, 1 na saitunanta, 2 na manhajojin da ke cikin katunan da aka soka kamar katin hoto, 4 na manhajar da ke tayar da Windows ko Linux, 7 kuma na dokokin Secure Boot. Lokacin da aka kulle faifai, ana damƙa wa TPM mabuɗin bisa sharaɗi: kada ya sake shi sai ma'adanai kaza suna ɗauke da lambobi kaza. BitLocker yakan jingina da 7 da 11 idan Secure Boot na aiki yadda ya kamata, in ba haka ba ya koma 0, 2, 4 da 11. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya sha bamban, TPM ba ya bayani. Ya ƙi kawai.

Lambar PCR ba ta gaya wa kowa dalili, domin ba a iya warware ta a koma baya. Shi ya sa manhajar tushe take ajiye wani kundi a gefe, tana rubuta kowane ƙari: ma'adani na nawa, irin abin da aka auna, da tambarinsa. Kamar littafin ɗan kasuwa ne da kuɗin da ke cikin akwati. Littafin kowa na iya yi masa kwaskwarima, amma idan aka bi shi layi-layi lissafin bai zo daidai da abin da ke akwati ba, asiri ya tonu. Bambancin kawai shi ne a nan jeri ma yana da tasiri: abubuwa biyu iri ɗaya, idan aka sauya wanda ya riga wani, lamba daban ce za ta fito.

A ɗauki laftof mai Linux da aka kulle faifansa da LUKS, aka jingina mabuɗin da PCR 7. Jiya da yamma an karɓi sabuntawa, yau da safe ya ƙi buɗe kansa. Matakin farko shi ne a shiga da kalmar sirrin, domin sai an shiga za a ga kundin. Daga nan umarni biyu ne:

```
sudo tpm2_pcrread sha256:0,2,4,7
sudo tpm2_eventlog /sys/kernel/security/tpm0/binary_bios_measurements > yau.yaml
```

Na farko yana karanto lambobin daga TPM. Na biyu yana mayar da kundin rubutun da ido zai iya bi, kuma a can ƙarshensa, ƙarƙashin `pcrs:`, yana nuna lambobin da ya samu bayan ya maimaita lissafin da kansa. A fara da kwatanta waɗannan biyun. Idan PCR 7 na kundi ya yi daidai da na TPM, kundin gaskiya yake faɗa, ana iya dogara da shi.

Sai a duba layukan da ke ɗauke da `PCRIndex: 7`. Ba su da yawa, kuma jerinsu sananne ne: `SecureBoot`, wanda ke nuna ko a kunne yake, sai `PK`, `KEK`, `db` da `dbx`. Bayansu akwai alamar rabewa, `EV_SEPARATOR`, sannan `EV_EFI_VARIABLE_AUTHORITY`, mai nuna takardar shaidar da aka yi amfani da ita aka yarda da manhajar tashi. `db` jerin waɗanda aka amince da sa hannunsu ne, `dbx` kuma jerin waɗanda aka soke.

A nan ne ake cin karo da babbar iyakar wannan aiki. Kundin na tashin yau ne kaɗai, Linux ba ya ajiye na jiya da kansa. Wanda ya yi tanadi ya adana kwafi tun kwamfutar na lafiya, aikinsa layi ɗaya ne:

```
diff jiya.yaml yau.yaml
```

A irin wannan matsala zai ga `SecureBoot`, `PK`, `KEK` da `db` ba su motsa ba, amma layin `dbx` ya sami sabon tambari, kuma `VariableDataLength` ɗinsa ya ƙaru. Kowace manhajar da aka soke ta hanyar tambarinta tana cin bayit 48 a jerin, 32 na tambari da 16 na shaidar wanda ya saka ta, don haka daga yawan ƙarin ana iya ƙiyasta sunaye nawa aka ƙara. Wanda ba shi da kwafin jiya sai ya bi ta bayan gida: `fwupdmgr get-history` zai nuna ko an sabunta `dbx` kwanan nan.

Wannan canji ba ɓarna ba ne. A Yulin 2020 masu bincike na kamfanin Eclypsium suka bayyana wata kafa a manhajar GRUB da aka yi wa laƙabi da BootHole, kuma maganinta ya haɗa da soke tsofaffin manhajojin tashi ta hanyar `dbx`. Tun daga lokacin jerin ke ta tsawo. Gyaran tsaro ne ya hana faifan buɗewa, TPM kuwa ba shi da hanyar bambanta gyara da hari. Mutum ne zai yanke wannan hukunci, kuma sai ya gamsu sannan ya sake jingina mabuɗin da sabuwar lambar:

```
sudo systemd-cryptenroll --wipe-slot=tpm2 --tpm2-device=auto --tpm2-pcrs=7 /dev/nvme0n1p3
```

Sunan ɓangaren faifan ya danganta da na'urar. A ganina kuskuren da ya fi kowanne shi ne a garzaya ga wannan umarni ba tare da an karanta kundin ba. Idan da `SecureBoot` ne ya sauka daga 1 zuwa 0, ko wata baƙuwar takardar shaida ta bayyana a `db` alhali ba wanda ya saka ta, sake jingina mabuɗi daidai yake da sa wa ɓarnar hannu. Wani lokaci dalilin mai sauƙi ne, kamar ƙaramin batirin bod ya mutu a tsohon laftof, saituna suka koma na kamfani. A nan gyaran shi ne a mayar da saitin yadda yake, faifan zai buɗe kansa ba tare da an taɓa mabuɗi ba.

Masu Windows sun fi sa'a ta fuska ɗaya, domin tana tara kundayen tashin da suka gabata a `C:\Windows\Logs\MeasuredBoot`, ko da yake sai an fassara su kafin a karanta. Umarnin `manage-bde -protectors -get C:` yana nuna ma'adanan da BitLocker ya jingina da su. Idan 0, 2, 4 da 11 ne, kowace sabuntawar BIOS za ta iya jawo shuɗin allo, har da sauya katin hoto.

Wannan kundi dai shi ne ƙashin bayan tantancewa daga nesa, inda sabar kamfani take son ta tabbatar da lafiyar kwamfuta kafin ta bar ta ta shiga. Sabar ta aiko da sabuwar lamba wadda ba a maimaitawa, TPM ya sa hannu a kan lambobin PCR tare da ita, a aika da kundin a gefe. Idan aka ce tantancewa ta faɗi, sai a tambaya a wane mataki. Sa hannun ne bai inganta ba? To matsalar mabuɗin shaida ce, wataƙila an share TPM ko an sauya bod. Kundin ya yi daidai da PCR amma sabar ba ta san wani tambari ba? Jerin da take dubawa ne ya tsufa, ko kuma da gaske baƙon abu ne ya tashi.

Mafi ban ciwon kai shi ne kundi ya ƙi dacewa da PCR. Kafin a yi zargin ɓarawo, a duba ko ana kwatanta lambobin SHA-1 da na SHA-256 ne, tunda TPM na iya riƙe jeri biyu. A duba layukan `EV_NO_ACTION`, waɗanda bayani ne kawai, ba a ƙara su cikin PCR. Ɗaya daga cikinsu, `StartupLocality`, yana sanar da cewa PCR 0 bai fara daga sifili zalla ba, bayit ɗinsa na ƙarshe 3 ne, kuma manhajar tantancewar da ba ta san wannan ba za ta ƙi lafiyayyiyar na'ura kullum. Akwai kuma manhajojin tushe masu kuskure, da ke ƙara abu cikin PCR su manta ba su rubuta shi ba. `fwupdmgr security` yana gwada wannan a layin `TPM PCR0 reconstruction`, kuma idan ya faɗi a can, gyaran yana hannun kamfanin da ya ƙera na'urar.

Takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ya fitar a 2011 wa'adinsu ya fara ƙarewa daga Yunin 2026, maye gurbinsu kuma yana taɓa `KEK` da `db`, wato PCR 7. Duk wanda zai sabunta BIOS ko ya kai laftof wurin mai gyara, ya fara tabbatar da mabuɗin cetonsa na hannu, a takarda ko a asusunsa na Microsoft, sannan ya dakatar da kullen na tashi ɗaya da `manage-bde -protectors -disable C: -RebootCount 1`. Idan kuma mai gyara ya ce bari ya share TPM a gani, a tambaye shi ina mabuɗin ceto tukuna, domin sharewar na tafiya da mabuɗin da aka damƙa masa, kuma in babu na ceto babu wanda zai iya dawo da abin da ke faifan.