Rangwamen kashi 10 kan cinye sulusin riba: lissafin da ya kamata mai shago ya yi kafin raba takardar rangwame

'Yan kasuwarmu sun daɗe da sanin gyara, wato ɗan abin da ake ƙara wa mai saye bayan an gama ciniki. A yau manyan kantuna da gidajen abinci sun mayar da ita takardar rangwame da katin tara maki. Bambancin shi ne mai gyara yana duba wanda yake ƙara wa, ita kuwa takarda duk wanda ya samu zai mora, har da wanda dama zai saya ko babu ragi. A nan asarar take ɓuya.

Mu ɗauki misalin mai gidan abinci da ke sayar da faranti a kan Naira 3,000. Shinkafa da nama da gas da robar zuba abinci suna cin Naira 2,100, ribarta kenan Naira 900. Idan ta raba takardar rangwamen kashi 10 cikin 100, Naira 300 za ta fita daga kowane faranti. Kuɗin cefane bai ragu ba, don haka daga ribar za a cire, ta koma Naira 600. A idon kwastoma kashi 10 ne, a aljihunta kuwa sulusin riba ne ya tafi.

To yaushe takardar za ta biya kanta? A raba kuɗin ragin da ribar da ta saura: 300 a raba da 600, an samu rabi. Ma'ana, duk faranti biyu da tsofaffin kwastomomi suka saya da takardar, sai ta jawo sabon ciniki na faranti ɗaya kafin a ce ba a ci ba, ba a faɗi ba. Mai sayar da faranti 100 a rana sai ta kai 150 idan kowa ya zo da takarda.

Katin “sayi tara, na goma kyauta” ma haka yake. Ga wanda dama kullum nan yake cin abinci, faranti goma sun kawo Naira 27,000, an kashe 21,000, riba ta zama 6,000 a maimakon 9,000. Sauƙin katin shi ne ba kowa ke cika shi ba: wani ya yar, wani ya manta. Sai dai duk makin da ke hannun kwastoma bashi ne a kan shagon, kuma idan farashin kayan abinci ya tashi kafin a zo karɓa, bashin ya ƙara nauyi. Shi ya sa ƙa'idar lissafin kuɗi ta IFRS 15 ta tilasta wa kamfanoni ware wani ɓangare na cinikin, kada su ƙirga shi a kuɗin shiga sai an karɓi kyautar ko wa'adin makin ya ƙare. Ƙaramin ɗan kasuwa ma yana iya rubuta wannan bashi a littafinsa, ya kuma sa wa katin wa'adi.

Dogara da cewa mutane ba za su zo karɓa ba yana da haɗari. A 1992 kamfanin Hoover a Birtaniya ya yi alƙawarin tikitin jirgi biyu zuwa Amurka ga wanda ya sayi kayansa na fam 100. Tikitin ya ninka wannan kuɗi daraja, sai jama'a suka yi ta sayen injin shara domin tafiyar kawai. Lamarin ya ci kusan fam miliyan 50, aka kori manyan jami'ai, kuma a 1995 aka sayar da reshen kamfanin na Turai.

Cikar shago ba hujjar riba ba ce, gwaji ne ke nuna gaskiya. A misalinmu, a ce mai abincin tana da lambobin kwastomomi 200. Ta tura wa 100 takardar, ta ƙyale 100, ta ƙirga cinikin mako guda. Masu takarda sun sayi faranti 60, ribarsu Naira 36,000. Waɗanda ba a tura wa ba sun sayi 45, ribarsu Naira 40,500. Ciniki ya ƙaru amma ta yi asarar Naira 4,500. Sai masu takardar sun kai faranti 68 za ta fara ganin amfani. Ta kuma duba makon da ya biyo baya, domin idan ciniki ya faɗi, wasu sun matso da sayayyarsu ne kawai.

Lissafin yana juyawa idan takardar ta tafi inda babu cinikin da za a rasa. Idan ta ware ragin ga wanda bai taɓa zuwa ba, ko wanda ya yi wata biyu bai leƙo ba, ko kuma ga lokacin la'asar da tukunya ke zaune, kowace Naira 600 ƙari ce a kan abin da take samu.