Yadda shafin intanet ke jure cunkoso a ranar fitar sakamakon jarrabawa

A ranar da aka fitar da sakamakon jarrabawar BEPC ko BAC, dubban ɗalibai kan buɗe shafi guda a lokaci ɗaya. Abubuwa biyu ne ke hana shafin durƙushewa: mai rarraba lodi da rukunin sabobi mai ƙara kansa, wanda kamfanin Amazon ke kira Auto Scaling group.

Mai rarraba lodi shi ne ke bakin ƙofa. Yana karɓar kowace buƙata, ya miƙa ta ga ɗaya daga cikin sabobin, kuma yana bincikar lafiyarsu a kai a kai. Wadda ta daina amsawa, sai ya daina tura mata aiki.

Shi kuwa rukunin, adadin sabobin yake lura da shi. A ce sabobi 4 ne ke aiki, an tsara kowace ta ɗauki buƙatu 1,000 a minti. Idan buƙatu suka kai 12,000, sai rukunin ya tayar da ƙarin 8, ya yi musu rajista wajen mai rarrabawa. Ba za a ba su aiki ba sai sun tsallake binciken lafiya.

A nan matsalar take: sabuwar saba kan ɗauki mintuna kafin ta shirya, alhali cunkoso kan zo cikin daƙiƙu. Kafin nan tsofaffin 4 ne ke ɗauke da komai, masu ziyara su riƙa ganin lambar kuskure 503 ko 504. Shi ya sa idan an san ranar, injiniyoyi kan ƙara sabobin tun kafin a sanar da sakamakon.